Da Hausa muke magana, amma sai da aka nemi tafinta

Ranar da na kira Hajiyarmu a Kano na ce mata iyayen yarinyar da ƙanena ke nema sun ce a kawo kuɗin buɗe baki, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke, azumi ake yi a garin naku?" A watan Rajab ne. Laifina ne, domin ni na ɗauki kalmar Larabcin Sudan, fathul hashum, na juya ta kai tsaye zuwa Hausa. Hashum baki ne, fathu kuma buɗewa. Ga Bakano kuwa buɗa baki na mai azumi ne, in kuma maganar aure ake to sayen baki ya sani, wanda abokan ango ke yi daren da aka kai amarya don ta yarda ta yi magana. Wancan a ƙarshen biki yake, wannan kuwa tun kafin a fara komai.

A 2004 aure ya kai ni Wad Madani, a Sudan. Maigidana Bahaushen nan ne, a nan aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Ƙanena, autanmu, ya zo karatu Jami'ar Afirka da ke Hartum, hutu yakan yi shi a wurina, kuma a nan ya ga 'yar maƙwabtanmu. Asalin gidansu Mayirno ne, garin da ke kusa da Sinnar a bakin kogi, wanda Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakar yarinyar, wadda kowa ke kira Habboba kamar yadda ake kiran kaka a Sudan, Hausarta ta Sakkwato ce tsantsa. Saboda haka da maganar ta taso a 2016 kowa ya ce abu ya zo gidan sauƙi: Hausawa ne su, Hausawa ne mu, duk 'yan Malikiyya. Ni kaina haka na zata. Ashe na ɗauki aikin tafinta na kusan shekara guda.

Mataki na farko maigidana da aminansa biyu suka je. Ana kiransa golat her, wato faɗin alheri, wasu gidajen kuma suna haɗa shi da fathul hashum ya zama abu ɗaya, haka ma aka yi mana. Suka kai jine 1,500, kuɗin Sudan, a ambulan, da alewa da turare. Na ce wa Hajiya ta ɗauke shi a matsayin kuɗin na gani ina so haɗe da gaisuwar iyaye, ta gamsu. Wannan fassarar ba ta cuci kowa ba, domin a duka ƙasashen biyu kuɗi ne da ke shiga hannun manya, ba na yarinya ba ne, kuma ba wanda ke ƙirga shi cikin sadaki.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne fatiha. Da uban yarinya ya amsa, mazan suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha, autanmu kuma don murna ya aika wa 'yan uwa saƙo cewa an shafa fatiha. Kafin magariba Kawu, wan Hajiya, ya kira ni yana faɗa: wa ya karɓi aure, wa ya ba da sadaki, an mayar da shi hoto ke nan? Da ƙyar na samu na sa baki. A Kano in aka ce an shafa fatiha to an ɗaura, magana ta ƙare. A nan kuwa Fatihar farko alkawari ce kawai. Har dokar aure ta Musulmi ta Sudan, ta 1991, ta faɗi haka: neman aure alkawarin aure ne nan gaba, kuma karanta Fatiha da musayar kyaututtuka duk a cikin hukuncinsa suke. Yarinya tana nan ba matar kowa ba. Iyakar abin da ya sauya shi ne wani ba zai shigo nema cikin nema ba.

Daga nan sai hutuba. Da gangan na rubuta ta haka, don in na bi yadda Hausa ke aro da sai in rubuta huɗuba, mai karatu ya zaci liman zai hau mumbari. Tushensu ɗaya a Larabci. A littafi ma baƙaƙensu iri ɗaya ne, wasali ya raba su: huɗba ta Juma'a, hiɗba ta neman aure. Bahaushe ya ari ta masallaci ya bar ɗayar, don yana da tasa, baiko. Amma baiko da hutuba kamar 'yan uba suke. Baiko daga bayarwa ne: dattawa maza su zauna a zaure, a raba goro da alewa, waliyyi ya ce mun ba ku, saurayi da budurwa ba ma sa wurin. Hutuba kuwa ta yaran ce. A yi shimfiɗa a tsakar gida, a zo da dibla, wato zoben alkawari, na zinariya nata, na azurfa nasa, a sa a hannun dama, sai bayan aure ya koma hagu. A ranar ake kawo shabka, zinariyar da saurayi ke ba budurwa. Tamu sarƙa ce da 'yan kunne da zobe, giram 18. Hajiya ta tambaye ni, wannan toshi ne ko sadaki? Na ce kyauta ce. Maigidana da ke gefe ya ce in bi a hankali, don a Masar, inda wannan al'ada ta fi ƙarfi, ana ɗaukar shabka wani ɓangare na sadaki, kuma a nan ma akwai masu wannan ra'ayi. Shi ya ba ni shawarar in sayi littafi, duk abin da ya fita daga hannunmu in rubuta da sunan da aka karɓe shi, in kuma tambaya a gaban mutane. Na ji nauyi ƙwarai ranar da na tambayi Hajja, uwar yarinyar, ko shabkar nan cikin sadaki take. Ta yi dariya ta ce, "La, hadiyya ce." Na koma gida na rubuta.

Littafin nan ba rowa ba ce ta sa. Sunan da aka sa wa abu shi ke nuna inda zai koma in magana ta lalace. Dokar da na ambata ta ce wanda ya janye daga neman aure ba tare da dalili ba, ba zai karɓi komai cikin abin da ya bayar kyauta ba. Wanda ya janye da dalili zai karɓi kayansa in suna nan, in an cinye a biya shi ƙimarsu ta ranar da aka karɓa. Sadaki kuma hanyarsa daban.

A kan sadakin ne muka kusa ɓatawa. Bayan hutuba da wata uku aka aiko mana cewa saddal mal miliyan ashirin ne. Autanmu ya shigo ɗakina jikinsa na rawa, ya ce, "Yaya, na fasa." Na ce zauna ka sha ruwa. Mutanen Sudan har gobe da tsohon jine suke lissafi a baki. Da aka fito da sabon jine a 2007, kowane ɗaya daidai yake da dubu na tsohon, amma bakin mutane bai sauya ba, jine dubu sai su ce miliyan. Miliyan ashirin ɗin nan jine 20,000 ne. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wanda bai daɗe da gama karatu ba, amma ba abin guduwa ba ne.

Da Kawu ya ji, sai ya ce wane irin sadaki ne wannan, su 'yarsu sayar da ita za su yi? Ya kawo mini karatu: mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku, dinari kuma giram huɗu da kwata ne na zinariya, wato rubu'insa giram ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma albarka tana cikin sauƙi. Duk gaskiya ya faɗa, sai dai ba a kan abin da ake magana ba. Saddal mal ma'anarsa cike dukiya, kuma kuɗi ne dunƙule da ake kai wa gidan amarya don hidimar biki: yanka, haya ta rumfa da kujeru, gyaran amarya, abincin baƙi. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne dukiyar aure. Abin da ke rikita baƙo shi ne mutane da yawa a nan shi ɗin suke kira mahar a hirarsu, alhali in aka zo gaban mazun, malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure da rubuta takarda, sai ka ji an ambaci wani ɗan adadi kaɗan a matsayin sadaki.

Maigidana ya zaunar da ni ya buga mini lissafi, ni kuma na buga wa Kawu ta waya. In muka ce duka 20,000 sadaki ne, to ya zama mallakin yarinya ita kaɗai, ubanta ba shi da ikon sayen rago da shi sai da yardarta. Sannan a nan ana iya ɗaura aure a bar amarya a gidansu wata da watanni kafin biki. In Allah Ya kawo rabuwa a wannan tsakanin, kafin tarewa, Alƙur'ani ya ce rabin sadakin da aka yanka nata ne, rabi ya koma wa miji. Ke nan za mu ce su dawo da 10,000 daga kuɗin da tuni aka kashe a rumfa da girki, su kuma su ce ai ba a taɓa yin haka ba. Kowa zai ga shi ke da gaskiya. Saboda haka muka roƙi a raba tun a fili: 2,000 sadaki, a danƙa wa yarinya, 18,000 saddal mal, na hidima, wanda in ya tafi ya tafi. Uban yarinyar mutumin kirki ne, bai ja ba. Ya ce shi ma bai taɓa zama ya bambance su ba, haka ya taso ya ga ana yi.

Kawu ya sauko, amma ya kafa sharaɗi ɗaya, ba zai yarda da mu'ahhar ba. A takardar aure ana iya rubuta sadaki kashi biyu, mukaddam wanda aka biya, da mu'ahhar wanda aka jinkirta ya zama bashi a wuyan miji, a al'ada sai rabuwa ko mutuwa ake biyansa. Wasu iyayen suna sa adadi mai nauyi don miji ya yi tunani kafin ya furta saki. Kawu ya ce shi tun yana yaro yake jin sanƙira na cewa lakadan ba ajalan ba, ba zai tsufa ya ɗora wa ɗan ƙanwarsa bashi daren farko ba. Aka bar shi a haka. A raina ban ga aibin mu'ahhar ba, na ga matan da ya rufa wa asiri, amma ba ni ce waliyyiya ba.

Yanzu ga babbar, wadda har yau in na tuna sai na ji zufa. Aka ce a shirya shela. Na gaya wa Hajiya, ta ce shelar me kuma, a rediyo za a sa? Na ce a'a, wannan shela ta Larabci ce, daga kalmar ɗauka, abin da aka ɗauko aka kai gidan amarya. Sai na yi kuskuren da ya fi kowanne, na ce, "Hajiya, lefe ne kawai." Ita kuwa in aka ce lefe an zo gidanta. Ta shiga Kantin Kwari da ƙawarta, ta haɗa akwati shida: atamfa turmi goma sha biyu, leshi huɗu, shadda uku, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, har da 'yan kunne na gwal. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta rako kayan a jirgi zuwa Hartum, muka ɗauko ta a mota tafiyar awa uku zuwa Madani. Na buɗe na gani na ce ma sha Allahu, wannan ko 'yar sarki sai haka. Shekara goma sha biyu ina garin, na je kai shela ba sau ɗaya ba, amma kullum 'yar kallo ce ni, ban taɓa haɗawa da hannuna ba.

Allah Ya taimake ni, kwana biyar kafin ranar kai kaya na kira matar wan maigidana ta zo ta gani. Ta ɗaga atamfa ta yaba, ta ɗaga leshi ta yaba, ta leƙa ƙasan akwati na ƙarshe, sannan ta dube ni ta ce, "To ina shelar?" Na ce ga ta nan. Ta ce ina tob? Ina kayan riha? Ina buhuna?

Ta zauna ta yi mini dalla-dalla. Shela ƙafa uku gare ta. Ta farko sutura, kuma a nan ba yawa ake dubawa ba, daidaito ake dubawa. In shida ce, to komai shida: tob shida, riga shida, takalmi shida, jaka shida, har kayan ciki, kowane tob da rigar da za a sa a ƙarƙashinsa da takalmin da ya dace da shi. Masu hali su yi goma sha biyu. Tob shi ne abin da a Kano da Maiduguri ake kira laffaya, kuma matar aure a nan ba ta fita taro sai da shi. Atamfa kuwa yarinyar nan ba ta taɓa ɗaura zani a waje ba tunda aka haife ta. Ƙafa ta biyu kayan ƙamshi, kuma ɗanyensu ake so: itacen sandal, mahlab, farcen nan na teku da ake kira dufra, almiski, kanumfari, man sandaliyya da mahlabiyya da surratiyya, da kwalaben turare na zubawa a ciki. Da su matan gidan amarya ke yin daggar riha, ranar da ake taruwa a daka turare ana waƙa, a haɗa humra da dilka da turaren wuta da amarya za ta tafi da su. Ana kuma haɗawa da itacen ɗalih na duhan, hayaƙin da amarya ke zama a kai. In ango bai kawo ba, ba abin da za a daka, kuma duk unguwa za ta sani. Ƙafa ta uku abinci: sukari, fulawa, mai, shinkafa, albasa, shayi, taliya, sabulu, gawayi.

Da Gwaggo ta ji maganar abinci sai ta saki baki. Ta ce, "Yau na ga ikon Allah, ango ne zai yi gara?" A wurinmu buhun shinkafa da jarkar mai daga gidan amarya suke fitowa su bi ta ɗakinta, tare da alkaki da nakiya da dubulan. A nan kuwa kayan suna tafiya ta ɗaya hanyar, daga ango zuwa gidan surukai, don da su za a ciyar da 'yan biki. Lefe asalinsa sunan kwandon kaba ne da ake zuba tufafin amarya a ciki, har sunan ya koma kan kayan, shi ya sa lefe bai wuce abin da amarya za ta sa a jikinta ba. Shela kuwa duk abin da za a iya ɗorawa a mota ne.

Kuɗin da muka ware don walimar ango muka taɓa. Washegari da asuba ni da matar wan maigidana muka hau mota zuwa Omdurman. A babbar kasuwa muka sayi kayan riha a wurin masu turare, ta koya mini in ɗaga sandal in ji nauyinsa, in kankare shi da farce in shinshina, don akwai itacen banza da ake shafa wa mai ya yi ƙamshin kwana biyu. Muka ɗauki kilo ɗaya. Tob shida da rigunansu da takalmansu muka haɗa a yini guda, ƙafata har ta kumbura. Abinci kuma a Madani maigidana ya saya: buhun sukari ɗaya, fulawa biyu, jarkar mai biyu, buhun albasa, gawayi buhu biyu, da ƙananan kaya.

Ranar kai kaya mota biyu muka yi, ga akori-kura a baya da buhuna, mata na guɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidansu, wata gwaggon amarya ta zauna tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa jama'a. A nan dai ba mu da bambanci, matan Kano da na Madani duk idonsu ɗaya a kan kayan wasu. Aka ƙirga tob, shida, aka ƙirga takalma, shida, aka shinshina sandal aka gyaɗa kai. Sannan aka zo kan akwatunan Hajiya. 'Yan mata suka yi ta juya leshi suna tambayar yadda ake sa shi. Sai Habboba, da tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ce a miƙo mata turmi ɗaya. Ta shafa shi, ta kai hanci, ta dubi Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, wanga shi na lehe. Uwata da lehe aka yi mata arme." Ta ce tun tana yarinya a Mayirno rabonta da jin an kira kayan aure da wannan suna. Gwaggo, wadda tun saukarta take cika tana batsewa, sai ga ta tana share hawaye da gefen mayafi. Da za mu tafi suka ba mu tukwici, kuma da sunansa na Hausa suka ba mu, wannan kalmar ba ta ɓace musu ba.

Na ɗauka an gama, ashe saura ɗaki. Hajiya ta kira tana tambaya yaushe za su zo jere, don a ba su makullin gidan da autanmu ya kama. Na je na tambayi Hajja cikin dabara. Ta ce su idda za su kawo, wato tukwane da kwanuka da kofuna da farantai, kayan girki dai. Gado da katifa da kabad da kujeru, wanda suke kira oda, na ango ne. Gwaggo ta ce a Kano uban da ya kai 'yarsa ɗaki ba gado ai ya shiga bakin duniya. Na ce Gwaggo, a nan kuma angon da ya jira surukinsa ya saya masa gado shi ne abin dariya. In aka auna da adalci, nauyin da uban amarya ke ɗauka a Kano shi ango ke ɗauka a Madani, kuma ko'ina akwai mai kuka. Wanda ya fi shan wuya shi ne irin ƙanena da ya tsaya a tsakiya, ya yi lefen Kano cikakke ya kuma yi shela da oda. Da na san haka tun farko, da akwati biyu na ce Hajiya ta haɗa, sauran kuɗin ta aiko.

An ɗaura aure bayan la'asar a masallacin unguwa. Agid suke cewa, ƙulli ke nan, daidai da ɗauri namu, a nan harsunan biyu sun yi tunani iri ɗaya. Kawu ya zo da kansa ya karɓa, mazun ya rubuta sadaki 2,000 an biya, aka raba dabino da alewa, daga baya aka ba su gasima, takardar aure. Wani ɗan uwan maigidana da ke zaune a Makka ya kira yana barka da milka, don su can haka suke kiran ɗaurin aure, daga kalmar mallaka. Kawu ya ji ya ce wannan suna bai yi masa ba, a bar shi da ɗaurin aurensa.

Kwana biyu kafin biki, da hantsi, muna cikin shirin lallen ango, sai ga motoci a ƙofar gida. Faɗur al aris, karin kumallon ango, wanda uwar amarya ke aikowa. Na san da zuwansa amma da gangan ban gaya wa Gwaggo ba. Aka yi ta shigo da manyan farantai a rufe: asida da miyar tagaliya, sha'iriyya da suksukaniyya, lugemat, kaji, kifi, rago guda gasasshe, ga kek da biskit na gida, ga kwalbar humra da turaren wuta an ce na uwar ango ne, ga jallabiyya da rawani na uban ango, wanda Kawu ya karɓa a madadin marigayi babanmu. Gwaggo ta bi farantan nan tana ɗaga murfi tana ƙirgawa, ta kai ashirin da uku ta tsaya. Ta ce, "To ai ga garar nan, sun dai dafa ta ne." Ban yi mata gardama ba, ko da yake gara ta amarya ce da angonta su ci wata da watanni, wannan kuwa kafin la'asar 'yan biki sun tashi da shi. Matar wan maigidana ta ja ni gefe ta ce ba a mayar da farantai wayam. Na ɗauko ambulan na sa jine 1,000, na buɗe littafina, na rasa sunan da zan rubuta, sai na rubuta tukwici.

Littafin yana cikin 'yan abubuwan da na fita da su daga Madani a Disambar 2023, lokacin da yaƙi ya iso garin. Autanmu da matarsa da 'ya'yansu uku yanzu suna Kano, a gidan Hajiya. Atamfofin nan da suka yi shekara bakwai a ƙasan akwati, uku kawai ta iya ɗaukowa, kuma su ta fara kai wa tela. Tana haɗa humra da dilka tana sayar wa amaren unguwa, kuma in uwar ango ta zo sayen turaren da za a sa a lefe, Hajiya kan leƙo daga ɗaki ta ce a ƙara mata sandal, wai ita ma ta san shela.